Sharhi a kan Kundin Ayyukanki: Waɗanda Za Ki Bari da Yadda Za Ki Jera Su

Ɗalibata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta kundin ayyukan zane da kika miƙo mini tun daga bangon farko har zuwa shafi na 46, kuma na karanta shi da sanin cewa kina son aika shi ne ga kamfanonin tsara zane da ɗab'i domin neman gurbin sanin makamar aiki bayan kammala karatunki. Hannunki ya faɗa sosai a cikin shekaru biyun nan, kuma akwai ayyuka biyu a cikin kundin da ba zan ji kunyar nuna su ga kowane ƙwararre ba. Matsalar ita ce, kin saka ayyuka 14 kin jera su bisa lokacin da kika yi su, don haka duk wanda ya buɗe kundin zai fara cin karo da ayyukanki na ajin farko, alhali aikin da ya fi kowanne ƙarfi yana can shafi na 37. Mai ɗaukar ma'aikata da kundaye suka taru a gabansa ba lallai ba ne ya yi haƙurin kaiwa can, kuma ko da ya kai, ya riga ya auna ki da abin da ya gani da farko. Shawarata ita ce ki rage su zuwa shida, ki jera su bisa abin da kowanne yake tabbatarwa game da iyawarki.

Aikin allunan nuna hanya na asibiti shi ne ya kamata ya buɗe kundin, kuma ki ba shi shafi biyar. Dalilina shi ne, a nan ne kaɗai mai dubawa zai ga yadda kike tunani tun daga gano matsala har zuwa warware ta. Kin zana taswirar yadda marasa lafiya suke bi daga ƙofar shiga zuwa wurin yankar kati, zuwa ɗakin ganin likita da wurin karɓar magani, kin gano mahaɗar da suka fi ɓacewa, sannan kika ba kowane sashe launinsa da alamarsa domin wanda bai iya karatu ba ya gane. Na tsaya sosai a kan zanen gwajin da kika yi da fensir na alamar ɗakin gwajin jini, inda da farko kika zana sirinji, da kika nuna wa mutane suka ɗauka ɗakin allura ne, sai kika soke shi kika koma ga ɗigon jini a gefen 'yar kwalba. Wannan zanen da aka soke kin matse shi a ƙasan shafi har da ƙyar ake ganinsa, alhali ya fi hoton allon da aka gama muhimmanci, domin shi ne shaidar cewa kin gwada aikinki a kan mutane kuma kin saurare su. Ki faɗaɗa shi, ki ajiye tsohuwar alamar da sabuwar gefe da gefe, ki rubuta jimla biyu da ke bayyana abin da ya sa kika sauya. Ki kuma ƙara hoto guda da ke nuna allon tare da mutum a tsaye kusa da shi, domin ba a gane girman haruffan daga hotunan da kika saka.

Mujallar ɗalibai mai shafi 24 ita ce ta biyu a ƙarfi, kuma ina so ki rufe kundin da ita, saboda abin da mutum ya gani a ƙarshe yana zama a ransa kusan kamar abin da ya gani a farko. Yadda kika raba shafi gida uku kika riƙe wannan tsarin a duk mujallar, ba tare da shafukan sun zama iri ɗaya ba, ya nuna kin fahimci aikin ɗab'i. Amma akwai gyaran da ba za a iya ɗaga ƙafa a kansa ba. Salon haruffan da kika zaɓa domin kanun labarai ba shi da haruffa masu lanƙwasa, don haka duk inda ɓ ko ɗ ko ƙ ta zo, manhajar ta aro ta daga wani salon dabam, sai harafin ya fito siriri a tsakiyar kalma mai kauri. Ki duba kan labarin da ke shafi na 8 na mujallar, za ki ga ƙ ɗin da ke cikin kalmar "ƙalubale" ta fi sauran haruffan gajarta. Wanda ya san aikin zai hango wannan nan take. Ki sauya zuwa salon da ya ƙunshi haruffan gaba ɗaya, manya da ƙanana, irin su Noto Serif ko Charis SIL, sannan ki sake duba yadda layuka suka karye bayan sauyin, domin faɗin haruffan zai bambanta. A cikin kundin kuma kada ki saka shafukan mujallar duka. Bangon, da shafuka biyu masu fuskantar juna har kashi uku, da zanen da ke nuna tsarin da kika gina shafin a kansa, sun wadatar a shafi huɗu.

Tsakanin waɗannan biyun, ki bi aikin asibiti da tambarin ƙungiyar manoma, domin bayan shafi biyar na bayani ido yana bukatar abin da zai gane da kallo ɗaya. Tambura biyu kika saka, na ƙungiyar manoman da na shagon sayar da littattafai, kuma dukansu dabara ɗaya suke nunawa, wato siffa a cikin da'ira da suna a ƙasa. Na manoman ya fi tsabta, kuma yana nan daram ko an ƙanƙanta shi ko an buga shi baƙi da fari, don haka shi za ki bari. Ki nuna shi a ƙaramin girma, misali faɗin milimita 15, kusa da babban, ki kuma rubuta lambobin launukansa na CMYK domin ɗab'i da na RGB domin allon kwamfuta.

Manhajar aron littattafai a ɗakin karatu ta zo ta uku. Na yi ta kai-komo a kanta kafin na yanke shawarar ta zauna, saboda aikin rukuni ne na mutum huɗu kuma ba ki faɗi haka a ko'ina ba. Na tabbata ba da niyyar ɓoyewa kika yi ba, amma idan aka kira ki ganawa aka tambaye ki game da shafin da ba ke kika tsara ba, amincin kundin gaba ɗaya zai shiga cikin shakka. Ki rubuta a sarari cewa aikin rukuni ne, kuma naki ɓangaren shi ne shafin bincike da matakan aro da mayarwa, sannan ki nuna waɗannan kaɗai. Akwai kuma rubutu mai ruwan toka mai haske a kan farin fage a ƙarƙashin sunan kowane littafi, wanda yake wahalar karantawa. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, a matakin AA, sun tanadi cewa bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da fagensa ya kai aƙalla 4.5:1, na manyan haruffa kuma 3:1. Ki auna naki, ki ƙara wa launin duhu har ya cika ƙa'idar, kuma ki ambata cewa kin auna.

Fostoci ukun nan na tattalin ruwa kin lissafa su a matsayin ayyuka uku, alhali kamfen ɗaya ne. Ki haɗa su a shafi biyu a matsayi na huɗu. Na biyar kuma shi ne zanen bayanai game da yawan masu zuwa ɗakin karatu, amma sai kin gyara jadawalin sandunan, domin kin fara ma'aunin daga 50 maimakon sifili, abin da ya sa sandar 60 ta bayyana kamar rabin sandar 70. A jadawalin sanduna tsawon sandar ne yake ɗauke da ma'ana, saboda haka dole ya tashi daga sifili. Idan lokaci bai ba ki damar gyarawa ba, ki cire shi, kundin zai tsaya da ayyuka biyar ba tare da ya rasa komai ba.

Sauran ba za su ɗauke mu dogon bayani ba. Darasin haɗa launuka da zanen kwalabe da fensir ayyukan koyo ne da kowane ɗalibi ya yi, kuma sun gama amfaninsu. Rubutun nan mai siffar ƙarfe da kika yi ta bin darasin bidiyo mataki-mataki yana nuna kin iya sarrafa manhaja, amma tunanin da ke cikinsa na mai darasin ne. Sake zanen tambarin shahararren kamfani da ba wanda ya nema shi ma ya fita, domin zai sa a gwada ki da ƙwararrun da suka san abubuwan da ba ki samu damar sani ba game da kamfanin.

Wanda na san zai yi miki ciwo shi ne hoton dattijuwar da kika zana da fenti. Zane ne mai kyau ƙwarai, hasken da ke gefen fuskarta da yadda kika bi tamojin goshinta sun nuna haƙuri da ido mai lura, kuma na ga irin lokacin da kika ba shi. Duk da haka, wuraren da kike nema suna son su san ko za ki iya tsara shafi, da tambari, da allon da mutum zai bi bai ɓata ba, kuma wannan zanen ba ya amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin. Idan ya zauna a tsakiyar kundin, zai sa mai dubawa ya fara tunanin ko zanen fenti ne ainihin abin da kike so. Ki adana shi da kyau, domin ranar da za ki nemi aikin zanen hotunan littattafai, shi ne zai buɗe wancan kundin.

Da wannan tsarin za ki samu shafi 22: bango, da biyar na asibiti, uku na tambari, huɗu na manhaja, biyu na fostoci, biyu na zanen bayanai, huɗu na mujalla, da shafin ƙarshe mai ɗauke da sunanki da hanyar tuntuɓarki. Kowane aiki ya fara da taƙaitaccen bayani iri ɗaya, wato mene ne aikin, don wa aka yi shi, wace rawa kika taka, da shekarar da aka yi shi, kuma ki bambanta aikin aji da wanda aka yi wa mai buƙata na gaske. Ki mayar da shafukan kwance maimakon tsaye, tunda a allon kwamfuta za a fi duba su. Fayil ɗin PDF da kika turo ya kai 68 MB, alhali Gmail ba ya ɗaukar abin da aka maƙala wa saƙo idan ya wuce 25 MB, sai dai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, wanda ba kowa ne zai danna ba. Ki fitar da kwafi biyu: mai hotuna 300 dpi domin bugawa, da mai sauƙi wanda bai wuce 10 MB ba domin aikawa.

Ki fara da gyaran haruffan mujallar da jadawalin, tunda su ne za su fi cin lokaci, sannan ki dawo kan jeri. Idan kin zo ranar Talata mai zuwa bayan darasin safe, ki taho da shafukan a buge, kowanne a takardarsa ba tare da an ɗinke su ba, domin mu shimfiɗa su a kan tebur mu gwada musanya matsayin manhajar da na fostocin mu ga wanne ya fi dacewa ya biyo bayan tambarin. Ki kuma taho da littafin zanen gwajinki na aikin asibiti, domin ina kyautata zaton akwai wasu shafuka a cikinsa da suka cancanci shiga kundin.

Malaminki mai kula da aikinki na ƙarshe