Daidaita hasken fuska a hoto da Dodge da Burn

A ce ka ɗauki hoton wata mata tana zaune kusa da taga, haske na shigowa ta hagunta. Hoton ya yi kyau, sai dai ƙasan idanunta ya yi duhu, goshi yana ƙyalli, ga wani layin inuwa da ya sauko daga gefen hanci zuwa baki ya ƙara mata shekaru. Irin wannan ne ake gyarawa da Dodge da Burn, wato ƙara haske a wani wuri da rage shi a wani. Dabarar ta samo asali ne tun zamanin wankin hoto a ɗakin duhu, inda mai wanki yake tare hasken fitila da hannu ko guntun kwali don wani sashe na takarda ya fito da haske, ko ya bar hasken ya daɗe a kan wani sashen don ya yi duhu.

Photoshop yana da kayan aiki masu waɗannan sunaye, amma ni ban ba ka shawarar goga su kai tsaye a kan hoton ba, domin abin da suka taɓa ya taɓu ke nan. Hanyar Curves ta fi, wato layin da ake lanƙwasawa don sarrafa haske da duhun hoto. Buɗe Curves guda biyu a matsayin Adjustment Layer, wato shimfiɗar gyara da ke zama a saman hoton ba tare da ta taɓa shi ba. A na farko ka kama tsakiyar layin ka ɗaga shi sama kaɗan, hoton zai yi haske. A na biyu ka ja shi ƙasa. Sai ka danna Layer Mask na kowannensu, wato farin akwatin da ke gefensa, ka latsa Ctrl+I, ya koma baƙi, hoton ya dawo yadda yake. Yanzu duk inda ka goga farin buroshi a kan wannan baƙin, nan kaɗai gyaran zai bayyana.

Buroshin ya zama mai laushi: Hardness a 0%, Opacity a 100%, Flow kuwa tsakanin 1% da 3%. Nan masu koyo suke gajiya, don za ka goga sau biyar ba ka ga komai ba. Haka ake so. Idan shafa ɗaya ta nuna, to hannunka ya yi nauyi.

Kafin ka taɓa fuskar, ɗora Black & White a saman komai. Launi yana ruɗin ido, idan ka kawar da shi sai tabban haske da duhu su fito fili. Fara da ƙananan wurare. Duhun ƙasan ido ka bi shi da haske a hankali har ya kusa dacewa da kumatu, amma kada ka share shi gaba ɗaya, ko jariri yana da 'yar inuwa a wurin. Layin gefen hancin nan ma sassauta shi za ka yi, ka haskaka cikin kwarin, ka ɗan rage hasken tudun da ke gefensa. Ƙyallin goshi kuma ka bi gefunansa da duhu har ya narke cikin sauran fata.

Bayan nan sai fasalin fuskar baki ɗaya. Rage girman hoton har fuskar ta zama kamar tafin hannu a allo, ka ƙara girman buroshi. Haske yana zuwa tsakiyar goshi, doron hanci, saman ƙashin kumatu da tsakiyar haɓa. Duhu yana zuwa ƙasan ƙashin kumatu, layin muƙamuƙi da bakin gashi. To amma ka tuna taga tana hagu. Kumatun hagu ne zai sami haske fiye da na dama, kuma inuwar dama ka bar mata nauyinta. Wanda ya haskaka ɓangarorin biyu daidai wa daida ya kashe hasken da ya sha wahalar samu, fuskar ta zama shimfiɗaɗɗiya, kuma mai kallo zai ji wani abu bai yi daidai ba ko da ya kasa faɗin mene ne.

Fata mai duhu tana buƙatar ƙarin kula. Idan aka matsa mata da haske takan yi toka-toka, idan aka matsa da duhu sai ta ja zuwa ja. Mayar da Blend Mode na Curves ɗin biyu daga Normal zuwa Luminosity yana rage sauyin launi. Kuma aikin nan ba na sauya wa mutum launin fata ba ne, yadda aka ɗauke ta haka za a mayar mata da hotonta.

Idan ka gama, kashe Black & White, ka haɗa Curves ɗin biyu wuri ɗaya da Ctrl+G, ka riƙa kunnawa kana kashewa. Tashi ka sha ruwa, ka dawo ka sake dubawa, domin ido yakan saba da abin da ya daɗe yana kallo. Galibi za ka tarar ka ɗan wuce gona da iri, sai ka sauke Opacity na rukunin zuwa wajen 70%.