Idan firinta ta kwashi takardu da yawa ko ta ƙi ɗaukar ko ɗaya

Alhaji, bayan gaisuwa. Ga bayanin da kuka ce in rubuta wa yaran shago, tunda zan yi sati 2 a Ngaundare kuma lokacin haɗa takardun jarrabawa ya kama, layi ba zai jira dawowata ba. A liƙa shi a bango kusa da injinan. Hadiza da Ɗanladi, da ku nake daga nan.

Sau 3 kuka kira ni a watan nan, kuma duk ciwo ɗaya ne. Ko dai firinta ta haɗiye takarda 3 ko 4 a tare ta cushe, ko ta yi ta gurnani ba ta ɗauki komai ba, allo ya nuna "Charger papier" alhali ga takarda cike, ko "Bourrage papier" alhali babu abin da ya maƙale. Kafin ku taɓa komai ku fahimci yadda take ɗauka. Roba biyu ne ke aikin. Ta sama ita ce rola, 'yar taya mai kaushi wadda ke juyawa ta ja takardar da ke kan tari. Ta ƙasa 'yar faifan roba ce shimfiɗaɗɗiya, ba ta motsi, aikinta ta riƙe takarda ta biyu kada ta bi 'yar'uwarta. Ɗaya na ja, ɗaya na hanawa. In rola ta yi sulɓi, takarda ba ta tafiya. In faifan ƙasa ya cinye, sai su tafi gungu. To amma a kira 10 da ake yi mini a garin nan, yawanci ba robar ba ce ta fara laifi, takarda ce da hannun da ya zuba ta. Don haka da ita za mu fara.

Takardarmu A4 ce mai giram 80, 500 a ram ɗaya. Takarda tana shan iska kamar garin rogo. Da damina, musamman Agusta da Binuwai ke cika, ram ɗin da aka buɗe aka bari a ƙasa kan siminti kwana 2 ya ishe shi ya sha danshi: gefuna su yi lanƙwasa, ganye su manne da juna. Da hunturu kuma akasin haka ne. Iska ta bushe ƙayau, takardu su riƙa kama juna da irin wutar nan da ke tartsatsi in mutum ya cire rigar leda da dare. Duka biyun suna sa a ja takarda fiye da ɗaya. Ram ɗin da ba a buɗe ba ya zauna cikin kwalinsa a kan kanta, a kwance. Wanda aka buɗe a mayar da ragowar cikin rigarsa a naɗe bakin, domin rigar nan tana da rufin da ke tare danshi, ba ado ba ce. Kada a cika injin da yamma a bar takarda ta kwana ciki.

Wajen zubawa, ɗebo abin da bai kai layin da aka zana a jikin durowa ba. Ƙaramar lezar da ke gefen ƙofa 150 take ɗauka, mai tankin tawada 100 ta baya, kuma ni ban son a kai su maƙura. Riƙe tarin da hannu biyu, lanƙwasa shi gaba, lanƙwasa shi baya don ganyen su saki juna, sannan a buga gindinsa da gefensa a kan tebur har ya daidaita. Masu ƙera injinan ma ba su yi ittifaƙi a nan ba: littattafan Canon suna cewa a kaɗa takarda iska ta shiga tsakani, na HP suna cewa a lanƙwasa, a juya, amma kada a kaɗa. Ni abin da na gani shi ne, da damina kaɗawa tana taimako, da hunturu lanƙwasawa ta wadatar. Sai a matso da 'yan katangun gefe su taɓa takarda kawai. In an matse su har tarin ya yi tozo a tsakiya, rola ba za ta iya zaro ganye ba. In an bar su sake, takarda ta shiga a karkace.

Ɗanladi, ga naka na musamman. Na ga kana ƙara sabuwar takarda a kan ragowar tsohuwa, har ma injin na cikin aiki. Ka daina. Fito da ragowar duka, haɗa da sabuwar, daidaita, mayar. Kuma takardar da aka riga aka buga gefe ɗaya, wadda kuke tarawa don tattali, a duba ta ɗaya bayan ɗaya: ƙusar sitefila guda tana iya yage ledar wurin zafin da ke gasa garin tawada, wato tona, a kan takarda, kuɗin gyaranta kuwa ya sayi ram da yawa. Wadda ta fito yanzu da ɗuminta a bar ta ta huce ta miƙe kafin a mayar don buga bayanta. Kwalin katin biki da na shaidar kammala karatu a ba shi ɗaya-ɗaya, a kuma shiga kwamfuta a canja "Type de papier" zuwa mai kauri. A nan ɗin dai ku tabbata girman yana kan A4, domin wasu takardun da masu kawo aiki ke turowa suna zuwa a kan "Letter", injin kuwa sai ya tsaya yana neman takardar da ba mu da ita.

In an zuba sabon ram yadda na ce kuma ciwon bai tafi ba, a saurari injin. Tura shafi ɗaya, sa kunne, leƙa ta bakin durowa. In kun ji ƙaras, rola ta juya ta goga takarda amma ta zame, to datti ne ko tsufa, kuma wannan kuna iya yi da kanku. In rolar ba ta motsa ba sam, ko tana ta juyawa ba tsayawa tana tura takarda bayan takarda, wannan na ciki ne, wajen maganaɗisun da ke sakinta ko haƙoran giya. Ku kashe ku ajiye mini, kada a kwance komai.

Wankin rolar lezar ba wuya. Kashe injin, zare wayar wuta daga bango, a ba shi kamar minti 15, domin wurin da ke gasa tona yana kusan kai digiri 200. Buɗe murfi, fito da kwanson tona, kwantar da shi a tebur a rufe shi da takarda, haske yana lalata gangarsa. Can ƙasa a tsakiya za ku ga rola, siffarta kamar rabin wata, da 'yan kunnuwa biyu na filastik hagu da dama. Buɗa kunnuwan waje a hankali, mirgino ta wajenku, za ta fito. Kula da yadda take zaune kafin a cire, ta fuska ɗaya kawai take komawa. Akwai wata doguwar baƙar rola mai taushi kamar soso kusa da wurin. Ba ita ba ce. Kada yatsa ya taɓa ta, balle ruwa.

Samo tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, tsohuwar farar shadda da ta sha wanki ta fi auduga da tishu. Jiƙa da ruwa mai kyau, matse har ya daina ɗiga, a goge robar da ɗan ƙarfi ana bin faɗinta. Za ku ga tsumman ya yi fari-fari da ja-ja: farin garin takarda ne, jan kuwa ƙurar Garwa ce da hunturu ke shigo mana da ita ta ƙarƙashin ƙofa. A ci gaba har tsumma ya fito fes. Faifan ƙasa ma a miƙa yatsa da tsumman a goge shi. A bar su su bushe sarai, minti 10 ya isa a zafin nan namu, sannan a mayar har kunnuwan su ce ƙas.

Abin da ban yarda a kusanto da shi ba: fetur, kananzir, tina, turare, man inji. Na san masu gyara da ke shafa fetur, kuma gaskiya ranar farko roba tana kamawa kamar sabuwa, bayan sati kuma ta bushe ta tsattsage ko ta kumbura. Giyar goge na'ura, wadda ake kira aisofurofil, ana iya ɗan ɗiga ta in maiƙo ya taɓa robar, amma ba kullum ba, ita ma tana busarwa. Sanfefa kuma cin bashin gobe ne, abin da ya rage na kaushin yake kankarewa.

Mai tankin tawada rolarta ba ta fita da sauƙi, don haka a wurinta ake wanke ta. Zare wuta, cire takarda, haska tocilan ta ramin baya. Kafin wanki a duba ko wani abu ya faɗa, don ramin a buɗe yake yana kallon sama. A cikin irinsa na taɓa ciro murfin biro, da dala biyar, da ɓawon gyaɗa. Sai a goge robar da tsumman ana juya ta da yatsa in ta yarda ta juya. In ta ƙi, kada a tilasta, a goge iya inda hannu ya kai.

Wanki yana cire datti, ba ya mayar da abin da ya cinye. Sabuwar rola tana da kaushi kamar harshen kyanwa. In bayan ta bushe kun ga tana ƙyalli, ta yi santsi kamar tafin tsohon silifa, ko ta tsage, kwananta ya ƙare. Faifan ƙasa kuma in ya yi kwari a tsakiya inda takarda ke bi, shi ne mai sakin takardu gungu, ko an wanke shi sau 100. Akwai wata 'yar alama: in sai takarda ta kusa ƙarewa ne kawai na ƙarshen suke tafiya tare, ku duba ɗan facin da ke manne a gindin durowa, mai kama da toshiyar kwalba, wataƙila ya yi sulɓi ko ya ɓamɓare.

In rolar ta mutu ana tsakiyar aiki, akwai dabarar fita kunya. Robar zobe ce a kan ƙashin filastik, kuma gefe ɗaya ne kawai ke cin takarda. Zame ta a hankali, juyo gefen da bai ci ba ya dawo waje. Wannan zai iya kai ku har in dawo.

Alhaji, a ƙaramar lezar na riga na yi wannan dabarar tun watan jiya, saboda haka ita sai sabo. A sayi rola da faifan ƙasa tare, don sabuwar rola a kan tsohon faifai ƙara kwasar takardu take yi. Wanda za a aika babbar kasuwa ya tafi da tsohuwar rolar a aljihu da lambar injin a rubuce, domin suna kama da juna ƙwarai amma kunnuwansu sun bambanta. Ita rolar, Hadiza za ta iya sawa. Faifan yana da sukurori 2 ta ƙarƙashin injin, a bar mini shi.

In takarda ta maƙale kafin nan, a kashe, a fito da kwanson tona, a ja ta da hannu biyu sannu a hankali ta inda take tafiya. Ba wuƙa, ba almakashi, ba tsinken tsire. In ta yage, a haɗa guntayen a tebur a ga ta cika kafin a kunna. Ran Asabar in an tashi a goge rola ko ba ta yi ƙorafi ba, a rufe injinan da zane.

Sabi'u mai gyaran firinta, Garwa