Dokokin Kiyaye Rai a Wurin Haƙar Zinariya: Fassarar Hausa Don Ma'aikata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Takardar da shugaban aiki ya manna a ƙofar sito da Faransanci take, alhali yawancinmu da muka taho daga Garwa da Marwa zuwa nan Mayo-Rey a arewacin Kamaru da Hausa ko Fulatanci muke aiki. Shi ya sa aka ɗora mini juya ta. Za a riƙa karanta ta kowace Litinin da ƙarfe 6 na safe, kafin kowa ya kama igiya.

Iskar rami

Ba mai sauka sai fanka ta yi minti 30 tana tura iska, kuma an zura ma'aunin iska da igiya har ƙasa. Iskar da muke shaƙa a sarari tana da oksijin kusan kashi 21 cikin 100. Idan ma'auni ya nuna ƙasa da 19.5, ko ya fara ƙara, ramin a rufe yake. Fanka ta tsaya kuna ciki, ku ajiye kayan aiki ku fito, ko da jijiyar zinariya tana gabanku.

Janareta da injin jan ruwa mai shan fetur a waje suke zama, nesa da bakin rami da inda fanka ke zuƙo iska. Hayaƙinsu na ɗauke da iskar guba ta kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Da ciwon kai take farawa, sai jiri, sai ƙafafu su mutu. A nan na ƙara bayani a kan abin da takardar ta ce, domin na sha jin mutum na cewa "zafi ne kawai, bari in ɗan kishingiɗa." Wannan kishingiɗar ce ke kisa. Idan ɗan uwanka ya faɗi a ƙasan rami, kada ka faɗa bayansa. Iskar da ta kayar da shi tana nan tana jiranka. Ka yi kururuwa, a ƙara iska, masu ceto su sauka da igiya a ƙugu.

Lokacin tashin nakiya

Sunan da takardar ta ba filin da ke kewaye da wurin fashewa, in an juya shi kai tsaye, zai fito "da'irar aminci". Na ƙi wannan, don kar wani ya ɗauka nan ne wurin fakewa. Na kira shi filin hani. A wannan wurin aiki faɗinsa mita 500 ne ta kowace fuska, an kafa jajayen tutoci a iyakarsa.

Jiniya ta farko: kowa ya fice bayan tuta, har masu tallar abinci da 'yan babur. Masu gadin hanya su tare makiyaya da shanunsu, su yi musu magana da Fulatanci. Shugaban ƙungiya ya ƙirga mutanensa da suna, kada ya ce "ai na ga sun fita". Jiniya ta biyu: za a tayar. Bishiya ko rumfar zana ba ta tare tsalle-tsallen dutse. Ba a komawa sai an yi ta uku, ita kuwa ba a busa ta sai bayan minti 30 kuma mai nakiya ya duba da idonsa. Hayaƙi mai launin ja-ja da ke biyo bayan fashewa guba ne. Wanda ya shaƙe shi yana iya jin garau, sai cikin dare numfashi ya gagare shi. A kai shi asibiti tun yana cewa lafiyarsa lau.

Nakiyar da ta ƙi tashi ba a taɓa ta, ba a sa rodi a raminta, ba a jan wayarta. A sa alama, a kira mai nakiya. In hadari ya haɗu ana walƙiya, a bar ɗura nakiya, a fice. Sigari kusa da ita kora ce nan take.

Kayan kariya

Hular kwano da igiyarta a ɗaure, takalmi mai hancin ƙarfe, safar hannu, tabarau, fitilar goshi, da toshiyar kunne ga mai riƙe injin huda dutse. Silifa ba ta wuce ƙofa. Kamfani ke bayarwa kyauta. Abin da ya tsage a kawo a musanya.

Sai takunkumi. Rawani ko ƙyalle da kuke naɗewa a hanci yana maganin ƙurar hunturu, amma ƙurar farin dutsen da zinariya ke ciki ta fi ƙarfinsa. Tana shigewa can cikin huhu, ta bar tabon da ba ya warkewa, ta kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ku duba jikin takunkumin, a ga an rubuta FFP2 ko FFP3, ku matse ƙarfen hancin har iska ta daina fita ta gefe. Masu gemu su zo sito a gwada musu. Huda dutse kuma da ruwa ake yi.

Duk wanda ya ga haɗari yana da ikon tsayar da aiki ya sanar da shugaban ƙungiya, ba za a yanke masa ko dala ba. Wanda ya ji karatun nan ya zo ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a rajista.