Amsa Kan Karon Bututun Iska Da Bim A Ginin Jahi

Malam Sani, barka da aiki.

Mun duba tambayarka kan hawa na biyu, layin C/4, inda bututun iska mai faɗin milimita 600 da tsayin 400 ya ci karo da bim.

Don Allah kada a huda bim ɗin. Wurin dab yake da ginshiƙi, inda nauyi ya fi matse bim, kuma rodin zobe a cushe yake; idan aka yanke guda biyu, tsagewa za ta biyo baya.

A sauya bututun zuwa 900 da 270, ya bi ta ƙarƙashi, iskar ba za ta ragu sosai ba. A bar tazarar milimita 50 saboda rufin bututun. Silin baranda zai sauko da milimita 150. Akitek ya amince.

Turo mana sabon zane kafin a yanka kwano.

Injiniya Hauwa