Tsarin karatun mako takwas na jarrabawar PMP

Ƙanena, ga tsarin da ka nema na shirin PMP, jarrabawar shaidar ƙwarewa a gudanar da ayyuka. Za ka fara Litinin 1 ga Satumba 2025, jarrabawa Asabar 25 ga Oktoba. Tunda ka kammala awa 35 na horon da PMI, hukumar da ke shirya jarrabawar, ke buƙata, ka kama gurbinka a cibiyar Pearson VUE tun yanzu. Wanda ya biya kuɗi ba ya wasa.

Lokacinka: awa ɗaya bayan sallar asuba, Litinin zuwa Alhamis, kafin ka fita daga Agege. A jirgin ƙasa zuwa Oyingbo ka amsa tambaya goma a waya. Kada ka dogara da dare. Wanda cunkoson Legas ya gasa, barci ne magani. Asabar awa huɗu. Juma'a hutu.

Mako na 1: karanta jadawalin abin da jarrabawar ta ƙunsa, sannan ƙa'idoji 12 na PMBOK, littafin jagora na PMI, bugu na bakwai. Sayi littafin rubutu guda, na kurakurai kaɗai.

Mako na 2 da na 3: sashen mutane, kashi 42 cikin ɗari na tambayoyin a tsarin 2025. Saɓani a tawaga, jagoranci, masu ruwa da tsaki. A nan nake so ka nutsu, domin ba hadda ake gwadawa ba. Za a ce ɗan kwangila da injiniya sun saɓa, me za ka fara yi? A wurin aikinmu oga ake kai wa ƙara. Masu jarrabawar kuwa so suke ka zauna da mutanen, ka gano tushen matsalar tukuna. Ni wannan ne ya fi ba ni wahala.

Mako na 4 da na 5: sashen hanyoyin aiki, kashi 50. Iyakar aiki, jadawali, kasafi, haɗari, sayen kaya, da yadda ake neman canji a rubuce. Riƙe waɗannan:

```
CPI = EV / AC
SPI = EV / PV
```

EV darajar aikin da aka gama, AC kuɗin da aka kashe, PV darajar aikin da aka tsara gamawa zuwa lokacin. CPI ƙasa da 1, an wuce kasafi; SPI ƙasa da 1, an makara. Ranar hutun 1 ga Oktoba ka yi gwajin farko.

Mako na 6: ajayil, wato yin aiki kashi-kashi ana gyara tsari a hanya, da tsarin gauraye, mai haɗa shi da tsarin da aka saba. Kusan rabin tambayoyin daga nan suke, kai kuma a harkar gini ka taso, don haka kada ka raina shi.

Mako na 7: yanayin kasuwanci, kashi 8, kwana biyu ya isa. Asabar cikakken gwaji: tambaya 180, minti 230, hutun minti goma sau biyu. Caja kwamfuta tun dare saboda wuta, ka ba iyali wayarka.

Mako na 8: babu sabon karatu. Littafin kurakuranka kawai, har Alhamis. Ranar Juma'a ka je ka ga cibiyar da idonka, ka tabbata sunan da ke katin shaidarka ya yi daidai da na rajista. Asabar ka fita da wuri. Allah ya ba da sa'a.