Sanarwa ga 'yan fadarmu kan gasar hutu

Assalamu alaikum 'yan uwa, manya da ƙanana.

Kwamiti ya zauna daren jiya a kan wasannin da za a yi ranakun Asabar da Lahadi, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, a filin bayan makarantar unguwa. Mutum 32 suka ba da suna. Ƙaraminmu shekararsa 11, babbanmu 22. Kayan da ke hannu kuwa ƙwallo ɗaya ce, da allon lido biyu, da usur guda na aro.

Mun tsayar da huɗu: ƙwallon ƙafa, langa, dara da lido. Langa ba ta cin ko dala. Dara kuma gurbi 30 ne a ƙasa, 'ya'ya goma sha biyu-biyu, wani ya ɗauki tsakuwa, wani karan dawa. Can ne yaro mai kai zai iya zaunar da yayansa.

Mun san za a yi gunaguni a kan kokowa. A garin da filin kokowa ke ɗauke da sunan Kantu, ba da son ranmu muka cire ta ba. Amma ba mu da sikelin awon nauyi, ba mu da yashi, kuma ba za mu haɗa ɗan shekara 12 da mai ɗaukar buhun gero a kasuwa ba. Karta ma mun ajiye ta, don iyaye sun yi magana.

Rabon ƙungiya ba zaɓin abokai ba ne. Ƙungiya huɗu ce, mutum takwas-takwas. Za a fara raba gwanayen ƙwallo takwas da kowa ya sani, biyu-biyu, sannan ƙanana takwas su ma biyu-biyu, saura a ja ƙuri'a cikin hula a gaban kowa. Wanda ƙuri'a ta raba da amininsa sai haƙuri.

A ƙwallo biyar-biyar ne, minti 10 a juya, kowace ƙungiya ta kara da sauran ukun. Dole ƙarami ɗaya ya kasance cikin fili daga farko har ƙarshe, kuma ba a raga ba, mun san wannan dabarar. A langa ƙanana da ƙanana za su yi, manya da manya; wanda ya saki ƙafarsa ya fita.

Nasara maki 3, canjaras maki 1, a kowane wasa. Ke nan cin dara daidai yake da cin ƙwallo, don haka kyaftin ya yi tunani kafin ya tura wanda ya raina gaban gurbi. Babu mai shiga wasa fiye da biyu.

Alƙali zai fito daga ƙungiyar da ba ta cikin karawar. Mai ƙorafi ya faɗa wa kyaftin ɗinsa, shi ya kawo wa kwamiti. Zagi na cire maki 1.

Za a ja ƙuri'a ranar Juma'a bayan isha'i a wurin shayi. Mai jarkar ruwa a gida ya taimaka ya zo da ita ranar Asabar.

Kwamitin shirya gasa