Tsarin atisayen ƙwallon kwando na Asabar: jifa da fasin ga 'yan shekara 11 zuwa 13

Zuwa ga mataimakana huɗu. Ku karanta wannan kafin mu haɗu, don ba na so mu tsaya tattaunawa a fili yara na jiranmu.

Yara 24 ne, ƙwallaye 12 masu lamba 6, kwando biyu, lokacinmu minti 80. Minti 10 na farko na ɗumama jiki ne. Daga nan za mu raba su shida-shida zuwa zango huɗu, minti 12 a kowane zango, idan na hura usur su zaga. Na ware minti 7 don canjin zango da shan ruwa, sai minti 15 na ƙarshe a yi wasa.

Abin da na gani a makon jiya shi ya sa na rubuta wannan. Na tsaya kusa da wata yarinya, a jifa ɗaya aka gaya mata abu huɗu: ƙafa, gwiwar hannu, ido, yatsu. Ta riƙe ƙwallon ta rasa ta inda za ta fara, jifan da ya biyo baya ya fi na farko muni. Don haka ranar Asabar gyara ɗaya ga yaro ɗaya, kuma ba za a ƙara masa wani ba sai ya yi jifa ko fasin biyar yana gwada na farkon. Kalmomin da na sa a ƙasa su za mu yi amfani da su dukanmu, kada yaro ya ji wata magana a zango na ɗaya, ya ji wata dabam a na biyu.

Zango na ɗaya: jifa a gindin kwando

Nan ne zuciyar atisayen. A ja layi da alli mita ɗaya da rabi daga kwando, a wurare uku: dama, tsakiya, hagu. Yara biyu a kowane wuri, ɗaya na jifa, ɗaya na tsinto masa, bayan jifa biyar su canja. Minti huɗu na farko da hannu ɗaya kawai, ɗayan hannun a bayan yaro.

Kalmomin su ne: “Tsaya daram. Gwiwar hannu ƙarƙashin ƙwallo. Miƙe sama. Bar hannun a sama.” Ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗa, ƙafar da ke ɓangaren hannun jifa ta ɗan shige gaba, gwiwoyi a lanƙwashe. Ƙwallo ta zauna a kan yatsu, a bar 'yar kafa tsakaninta da tsakiyar tafin hannu. Bayan ta tashi, wuyan hannu ya karye, yatsu na kallon ƙasa, hannun ya tsaya haka har ƙwallon ta taɓa ƙarfe ko raga.

Kuskuren da za ku fi gani shi ne gwiwar hannu ta fita gefe. Za ku gane shi ko ba ku kalli hannun ba, don ƙwallon za ta riƙa kaucewa dama ko hagu. Ku tsayar da yaron kusa da bango, kafaɗar hannun jifa tana dab da shi, ya jefa sama sau biyar. Bangon zai hana gwiwar fita, ba sai kun yi dogon bayani ba.

Na biyu, jifa miƙaƙƙe kamar an harba kibiya. Faɗin bakin kwando santimita 45 ne, amma ƙwallon da ta zo a miƙe ba ta samun wannan faɗin duka, sai ta daki ƙarfen gaba ko na baya. Wadda ta faɗo daga sama ita ke samun wuri. Ku ce masa: “Gwiwar hannu ta wuce idonka.” Idan ta ƙare sama da ido, ƙwallon za ta yi baka da kanta.

Na uku yana fitowa ne idan an maido da hannu na biyu. Babban yatsan hannun tallafi yana tura ƙwallo, sai ta riƙa juyawa a karkace maimakon ta juya baya. Ku sa ya manna babban yatsan da ɗan ali. Aikin wannan hannun riƙo ne a gefe, ya saki kafin ƙwallo ta tashi.

Wanda ya ci huɗu cikin biyar ya ja baya taku ɗaya. Wanda bai ci ba ya zauna inda yake, ko da ya roƙe ku. Na san za su so su ruga layin maki uku, amma mita 6.75 ne, kwandon kuma tsayinsa mita 3.05. Yaro ɗan shekara 11 ba ya kai ƙwallo can sai ya wurgo ta daga ƙugu yana murɗa jiki, kuma wannan ɗabi'ar tana da wuyar cirewa idan ta kama.

Zango na biyu: jifan taku biyu

A ɗaya kwandon. Daga dama: taku da ƙafar dama, taku da hagu, tsalle, gwiwar dama ta tashi tare da hannun dama. Kalmar ita ce “Dama, hagu, sama.” Su fara ba tare da buga ƙwallo a ƙasa ba, su nufi kusurwar sama ta akwatin da aka zana a jikin allon kwando. Wanda ke tashi da ƙafar da ba ita ba, ku karɓe ƙwallon, ya yi takun sau uku yana tafa hannunku a sama, sannan ku mayar masa. Minti huɗu na ƙarshe daga hagu, kuma da hannun hagu, ko da ba ta shiga.

Zango na uku: fasin ƙirji da na ƙasa

Biyu-biyu suna fuskantar juna, tazarar mita huɗu. “Taka, tura, manyan yatsu ƙasa.” Mai karɓa kuma ya nuna tafin hannuwansa biyu, ya tako ya tarye ta. Idan fasin yana lilo a iska, yaron bai taka ba ne, da hannu kaɗai yake turawa. A fasin ƙasa ku zana da'ira a kashi biyu cikin uku na tazarar, ƙwallon ta faɗi ciki ta taso daidai ƙugun mai karɓa. Akwai yara biyu ko uku da ke kau da fuska idan ƙwallo ta nufo su. Kada kowa ya yi musu dariya. Ku matso da su kusa, ku riƙa miƙa musu a hankali da kanku, tsoron zai ragu.

Zango na huɗu: fasin da mai tsaro a tsakiya

Uku-uku, biyu na fasin, ɗaya na ƙoƙarin taɓa ƙwallo. Idan ya taɓa, wanda ya yi fasin ya shiga tsakiya. An hana ɗaga ƙwallo can sama ta bi ta kan mai tsaro. Kalmar: “Yaudare shi, sannan ka ba da.” Ya nuna sama ya bi ta ƙasa, ko ya taka gefe da ƙafa ɗaya, ɗayar na kafe. Ku lura da ƙafar da aka kafe, nan ne suke jan ta ba su sani ba. Ku riƙa ƙirga daƙiƙa biyar da ƙarfi, don a wasa haka dokar take ga wanda aka matsa masa yana riƙe da ƙwallo.

A wasan ƙarshe uku da uku za a yi a kowane kwando, ana canja ƙungiyoyi bayan minti uku. Sai an yi fasin uku kafin a jefa. Ba za mu tsayar da wasa don gyara ba, kowannenku ya riƙa kiran kalmomin zangonsa daga gefe. Bayan an tashi, kowa ya kawo mini sunayen yara biyu daga zangonsa da kuskure ɗaya na kowannensu, da su za mu fara ranar Asabar ta gaba.